Yadda Muka Nemo Maƙalun Gubar Dalmar Zamfara

'Yar yayata tana ajin ƙarshe a sashen kiwon lafiyar al'umma, kuma kundinta a kan gubar dalmar da ta kashe yara a Zamfara yake. Wata Asabar da hantsi ta zo gidana da kwamfuta a jaka, ranta a jagule. Bayan mun gaisa ta ce, "Kawu, mako biyu ke nan ina nema. Wani lokaci in ga kamar ba a rubuta komai a kan batun nan ba, wani lokaci kuma abin ya yi yawan da ban san ta inda zan kama ba. Ga shi Malam ya ce in kawo babi na biyu ranar Litinin ta sama."

Babi na biyu shi ne bitar ayyukan da suka gabata, inda ɗalibi yake nuna abin da masana suka riga suka gano kafin shi. Na ce ta nuna mini abin da take rubutawa a akwatin nema. Sai na ga taken kundin nata ne gaba ɗaya, doguwar jimla mai kalma kusan ashirin, take kwafowa ta liƙa a Google Scholar. In ta gaji da wannan sai ta koma ɗaya gefen, ta rubuta kalma guda, `lead`, ta danna.

Batun da ta ɗauka ba ƙaramin abu ba ne, kuma an yi rubutu a kansa sosai. A farkon shekarar 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na-Gari Na-Kowa suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa bayan jijjiga a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Da aka gwada jini sai aka ga dalma ce. Mutanen ƙauyuka irin su Dareta da 'Yar Galma da Abare da Bagega suna haƙo dutsen zinare, a kawo shi gida a fasa, a niƙa, a wanke, ga shi kuma dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida da abinci da hannun yara masu rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. Likitoci da masana ƙasa da masana muhalli daga ƙasashe da dama sun zo sun yi aiki, sun kuma wallafa abin da suka gani. Saboda haka maƙalun suna nan. Abin da ya hana ta isa gare su shi ne irin kalmomin da take aikawa.

Abu na farko da na so ta gane shi ne wannan: rumbun bayanai ba ya jin tambaya yadda mutum yake ji. In ka je wurin tsohon ma'aikacin laburare ka ce masa kana neman rubutu a kan ciwon nan na yaran Zamfara, zai gane nufinka ko da ba ka ambaci dalma ba. Rumbu kuwa kalmomin da ka ba shi yake ɗauka, ya je ya duba inda irinsu suka fito. In ka ba shi doguwar jimla, yana ƙoƙarin samo rubutun da ya ƙunshi duk kalmomin, har da irin su `assessment` da `impact` da `selected communities` waɗanda suke cikin taken dubban kundaye da ba ruwansu da dalma. In ka ba shi `lead` kaɗai kuma, ka faɗa wani ramin, domin a Ingilishi wannan kalma tana nufin dalma, tana nufin jagoranci, tana kuma nufin wani abu ya jawo wani. Don haka aikin mai nema shi ne ya zauna ya yi tunanin kalmar da marubucin maƙalar ya yi amfani da ita, ba wadda shi yake da ita a ransa ba.

Na sa ta rufe kwamfutar, na ba ta takarda da biro. Na ce ta faɗa mini da Hausa, a jimla ɗaya, abin da take son sani. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ina son in san ko sarrafa dutsen zinare a cikin gida ne ya sa dalma ta yi yawa a jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar." Wannan jimla ta fi taken kundin amfani nesa ba kusa ba, domin a cikinta ana iya ganin ginshiƙan batun: akwai gubar dalma, akwai yara, akwai haƙa da sarrafa zinare, akwai kuma wurin da abin ya faru. Muka ja layi huɗu a takardar, kowane ginshiƙi da gidansa.

A nan muka ɗan jima, kuma nan ne yawancin ɗalibai suke tsallakewa. Ƙarƙashin kowane ginshiƙi sai an jera duk sunayen da masana za su iya kiransa da su. Likita zai ce `lead poisoning`. Wanda ya auna jini zai ce `blood lead levels`. Masanin muhalli zai ce `lead exposure` ko `lead contamination`, wani ma alamar sinadarin kawai zai rubuta, `Pb`. A tsofaffin rubuce-rubuce akwai `plumbism`. Haƙar zinare irin ta mutanen ƙauye kuma a bakin masana `artisanal gold mining` ce, ko `small-scale mining`, niƙa dutsen kuwa `ore processing`. Ta ce ita ba ta taɓa jin kalmar `artisanal` ba, `illegal mining` take rubutawa saboda haka jaridu suke cewa. Wannan kuwa shi ne bambancin: kalmar jarida tana kai ka ga jarida, kalmar masana tana kai ka ga masana.

To ina mutum zai samo waɗannan kalmomi in bai san su ba tun farko? Daga maƙala ta farko mai kyau da ya ci karo da ita. A ƙasan tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ake sawa a goshin kowace maƙala, marubuta sukan jera fitilun kalmomi guda biyar ko shida. Waɗannan kyauta ce. A kwashe su a ƙara a takarda, a sake nema da su, a duba fitilun kalmomin abin da ya fito. Zagaye biyu ko uku, sai mutum ya ga ya fara jin yaren mutanen fagen.

Ginshiƙin wuri yana da nasa tarkon, kuma mu da muke bincike a kan ƙasar Hausa shi ya fi kama mu. Sunayen garuruwanmu ba rubutu ɗaya gare su ba. 'Yar Galma tana fitowa a matsayin `Yargalma` a haɗe, tana fitowa a rabe. Sakkwato `Sokoto` ce a kusan kowace maƙala, Zariya `Zaria`. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, galibi ba a sa su a rubutun Ingilishi, don haka gara a gwada da su, a kuma gwada babu su. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, kuma duk wanda ya rubuta `Niger` don nemanta zai samu Jihar Neja da Jamhuriyar Nijar da Kogin Kwara da yankin Neja Dalta a kwano ɗaya, har da wani nau'in funfuna mai suna `Aspergillus niger`. Sai an rubuta `"Niger State"` a cikin alamun zance. Ɗalibin da yake karatu a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram kuma, wanda yawancin manazartarsa da Faransanci suke, yana bukatar layi na biyu a takardarsa: `saturnisme` da `intoxication au plomb` don gubar dalma, `orpaillage` don haƙar zinare ta gargajiya.

Da takardar ta cika sai muka buɗe kwamfuta. Muka fara da Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, domin shi ne mafi sauƙin shiga kuma kyauta ne. Muka rubuta:

```
"lead poisoning" Zamfara children gold
```

Alamun zancen nan suna gaya wa rumbun cewa kalmomi biyun a manne muke son su, a wannan jeri. Da wannan kaɗai jagoranci da sauran ma'anonin `lead` suka kau. Shafin farko ya fito da maƙalun da ta yi mako biyu tana nema. Ta dube ni ta ce, "Kawu, ashe suna nan?"

Suna nan, amma Google Scholar yana da halinsa da ya kamata a sani. Yana leƙa cikin rubutu gaba ɗaya, don haka maƙalar da ta ambaci Zamfara sau ɗaya a shafi na goma ma za ta fito. Ba ya kuma tace abin da yake kwasowa sosai: maƙalar da masana suka tantance da kundin ɗalibi da takardar taro da rubutun mujallar da kuɗi kawai take karɓa ta buga, duk a layi ɗaya suke. Adadin da yake nunawa a sama, cewa an samu sakamako dubu kaza, kintace ne, kuma ko nawa ya ce ba zai nuna maka fiye da 1,000 ba. Yana kuma yawan ɗora maƙalun da aka fi ambata a sama, abin da yake sa sababbin ayyuka su nutse ƙasa. Wuri ne mai kyau na fara leƙe, amma ba a gina babi na biyu a kansa shi kaɗai.

Ga batun lafiya, rumbun da ya dace shi ne PubMed, na Babban Laburaren Likitanci na Amurka, wanda yake ɗauke da bayanan maƙalu fiye da miliyan 35, shi ma kyauta. Shi ba ya duba cikin maƙala. Take da tsakure da 'yan bayanan da ke tare da su yake dubawa, don haka abin da ya fito ya fi kusa da batu, amma kuma in ka kuskure kalma ka kuskure maƙala. A nan takardarmu ta yi ranarta. Kalmomin da suke gida ɗaya muka haɗa su da `OR`, ma'ana ko wannan ko wancan duk mun karɓa. Gidajen kuma muka haɗa su da `AND`, ma'ana dole a samu wani abu daga kowane gida:

```
("lead poisoning" OR "blood lead" OR "lead exposure")
AND (child* OR infant*)
AND (mining OR gold OR ore)
AND (Zamfara OR Nigeria)
```

Ana rubuta `AND` da `OR` da manyan baƙaƙe. Baka biyun suna tsare kowane gida kada ya cakuɗe da maƙwabcinsa. Tauraron da ke bayan `child` yana nufin duk kalmar da ta fara da waɗannan haruffa, wato `child` da `children` da `childhood`. PubMed yana jin wannan tauraro, Google Scholar ba ya ji. Dabarar tana da sauƙin riƙewa: `OR` yana faɗaɗa koma, `AND` yana tsuke ta. In sakamako ya yi yawa, a ƙara gida. In ya yi kaɗan, a cire gida ɗaya ko a ƙara kalmomi a cikin gidajen da ake da su.

Ta tambaye ni me ya sa na sa `Nigeria` tunda Zamfara kawai take so. Amsar tana cikin sakamakon da ya fito. Ɗaya daga cikin maƙalun da aka fi dogara da su a wannan batu ita ce wadda Dooyema da abokan aikinta suka wallafa a 2012 a mujallar Environmental Health Perspectives, kuma babu sunan Zamfara a takenta. `northwestern Nigeria` suka ce, arewa maso yammacin Nijeriya. Wanda ya tsuke nemansa ga take mai ɗauke da Zamfara kaɗai, zai wuce wannan maƙala bai sani ba. Marubucin da yake rubuta wa duniya yakan ambaci ƙasa ko yanki, ba lallai jiha ko ƙauye ba. Shi ya sa a gidan wuri ake hawa mataki ɗaya sama.

Akwai kalma ta uku, `NOT`, wadda take korar abu daga sakamako. Ta so ta kori `mercury` saboda maƙalun zaiba suna ta shigowa, kasancewar masu haƙar zinare da ita suke kama ƙwayoyin zinaren. Na hana ta. Maƙala mai kyau a kan dalmar Zamfara tana iya ambaton zaiba a jimla ɗaya, kuma `NOT` zai jefar da ita tare da sauran. Gara ido ya tsallake maƙalu goma da ba a so da a rasa guda ɗaya da ake bukata.

PubMed yana da wata baiwa da ɗalibai kaɗan suka sani, wato MeSH. Jerin kanun batutuwa ne da laburaren ya tsara, ana liƙa wa maƙala su gwargwadon abin da ta ƙunsa, ko da wace kalma marubucin ya yi amfani. Duk maƙalar da take magana a kan gubar dalma ana sa mata `Lead Poisoning`, yara 'yan shekara 2 zuwa 5 kuma `Child, Preschool`. In ka buɗe maƙala mai kyau ka gangara ƙasa za ka ga kanun da aka ba ta, ka ɗauka ka nemo 'yan'uwanta da su, kamar haka: `"Lead Poisoning"[Mesh]`. Iyakarsa ita ce ba kowace maƙalar da ke rumbun aka liƙa wa kanun ba, saboda haka ana haɗa shi da kalmomin takarda, ba a maye gurbinsu da shi.

Ba duk abin da masanan Nijeriya suka rubuta yake shiga PubMed ba. Muka leƙa AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998, wanda yake ɗauke da ɗaruruwan mujallu, da yawansu na jami'o'inmu ne, har da mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero. Akwai kuma rumbunan kundaye na jami'o'i, irin Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake samun kundayen digiri na biyu da na uku. A waɗannan wurare kalma biyu ko uku sun isa, doguwar jimlar PubMed ba ta cika aiki a can ba. A nan zan ɗan ratse saboda masu nazarin harshe da adabin Hausa: da yawa daga tsofaffin fitowar mujallu irin su Harsunan Nijeriya a takarda suke, a kan kantar laburare. Rashin ganin abu a intanet ba ya nufin ba a rubuta shi ba, kuma ɗalibin da ya rubuta a kundinsa cewa babu wanda ya taɓa nazarin batunsa alhali bai taka laburare ba, ya faɗi abin da bai tabbatar ba.

Zuwa azahar muna da maƙalu masu yawa a gabanmu, fiye da abin da za ta iya karantawa a mako ɗaya. Ta fara sauke su ɗaya bayan ɗaya. Na ce ta dakata, data tana da tsada, lokaci ya fi ta tsada. A nan ne tsakure yake aikinsa. Yawancinsa bai wuce kalma 250 zuwa 300 ba, kuma a mujallun lafiya a kan raba shi gida-gida: shimfiɗa, manufa, hanyar bincike, sakamako, kammalawa. Sabon shiga yakan fara daga sama ya karanta shimfiɗa a tsanake. Shimfiɗa kuwa ita ce mafi ƙarancin amfani, domin kusan duk maƙalun fage ɗaya da jimla iri ɗaya suke buɗewa, cewa dalma tana cutar da ƙwaƙwalwar yara. Ni nakan tsallaka kai tsaye zuwa hanyar bincike, ina neman amsar tambaya ɗaya mai rassa: su wa aka bincika, su nawa, a ina, yaushe, kuma me aka auna? In wannan bai dace da jimlar da na rubuta a takarda ba, ba na ma karanta sakamakon.

Muka gwada da maƙalar Dooyema. Tsakuren ya ce a watan Mayun 2010 aka haɗa ayarin bincike, suka bi gida-gida da takardar tambayoyi a ƙauyuka biyu, suka ɗebi jinin yara da ƙasar tsakar gida. Sun shiga gidaje 119. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekarar da ta gabata, wato kashi 25 cikin 100. An gwada jinin yara 204, kuma kashi 97 cikin 100 nasu dalmar jininsu ta kai ko ta wuce maikurogiram 45 a kowace desilita, matakin da ake fara ba da maganin fitar da gubar. A kashi biyu cikin uku na gidajen ana sarrafa dutsen zinare a cikin gida. Yara, dalma, sarrafa dutse a gida, wurin da take so: duk ginshiƙanta huɗu sun hallara. Ko minti biyu ba mu yi ba muka san wannan ta karantawa ce daga farko har ƙarshe.

Ta gaba ita ce ta Thurtle da abokan aiki, wadda ta fito a PLoS Medicine a 2014. Akwai Zamfara a take, akwai yara, akwai dalma, mujallar kuma babba ce. Hannunta har ya kai kan maɓallin saukewa. Amma hanyar binciken ta nuna cewa bitar bayanan jinya ce: zagayen magani 3,180 da aka ba yara na maganin da ake kira DMSA, da yadda dalmar jininsu ta sauka bayan sha. Aiki ne mai daraja, sai dai tambayar da yake amsawa ita ce yaya magani ya yi aiki, ita kuwa tambayarta ita ce ta ina gubar ta shiga. Muka ajiye shi a gefe don jimla ɗaya ko biyu a shimfiɗar kundi. Wannan shi ne abin da ya fi wahalar koyo, a ganina: maƙala tana iya zama mai inganci ƙwarai, a kan garinku, a kan cutar da kake nazari, amma ba taka ba ce.

Ta uku ta zo ta bayan gida. Ta Plumlee da abokan aiki ce, 2013, kuma da ta ga kalmar ilimin duwatsu a take sai ta ce wannan ba fagenta ba ne. Tsakuren ya nuna akasin haka. Sun ɗauki samfurin dutsen da ƙasar gidaje da sharar tsakar gida, suka nuna cewa dalmar da ke cikinsu iri ce mai saurin narkewa a ruwan ciki, kuma niƙa ya mayar da ita gari mai laushi da yake manne wa hannu. Wato ita ce ta bayyana dalilin da ya sa ƙurar ta yi kisa haka. Da take kaɗai aka bi, da an yar da ita.

Haka muka ci gaba, muna raba su kashi uku: na karantawa, na sake dubawa, da waɗanda ba nata ba. Masu magana a kan dalmar fenti da ta tsohon batir da ta kwalli duk suka tafi kashi na uku cikin daƙiƙoƙi, domin hanyar shigar gubar daban ce. Maƙalun bita, waɗanda ba sabon bincike suka yi ba sai tattara na wasu, muka riƙe guda ɗaya mai kyau saboda manazartarta, ba don a jingina hujja da ita ba.

Sai dai tsakure yana da iyaka, kuma na nanata mata wannan fiye da komai. Don yanke hukuncin karantawa aka yi shi, ba don a kwafi lamba daga cikinsa a wuce ba. Ta riga ta rubuta a littafinta cewa kashi 25 cikin 100 na yaran Zamfara sun mutu da gubar dalma. Na ce ta sake duba. Ƙauyuka biyu ne, ba jiha ba, kuma an zaɓe su ne saboda nan abin ya fi tsanani. Lambar ta yaran da suka rasu a shekarar ce bisa faɗar iyalansu, ba a gwada jinin waɗanda suka riga suka rasu ba. Binciken kuma na lokaci ɗaya ne, hoto ne aka ɗauka, yana nuna abubuwan da suke tafiya tare, kamar aikin uwa a sarrafa dutse da mutuwar yaro, amma shi kaɗai ba ya yanke cewa wannan ne ya jawo wancan. Irin waɗannan bayanai a cikin maƙala suke, musamman a sashen da marubuta suke faɗin raunin aikinsu da kansu, kuma ba kasafai suke samun wuri a tsakure ba.

Akwai wani abu kuma da shekarar maƙala take ɓoyewa. In tsakure ya ce kashi kaza na yara dalmarsu ta hau, sai a tambaya: ta hau sama da nawa? Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta daɗe tana amfani da maikurogiram 10 a desilita a matsayin ma'auni. A 2012 ta sauke shi zuwa 5, a 2021 kuma zuwa 3.5. Maƙala biyu za su iya amfani da kalma ɗaya, su ba da kaso mabambanta, alhali mudun ne ya canza. Wanda ya jera lambobinsu a tebur ɗaya bai duba wannan ba, ya gwada awon tiya da na mudu.

Da la'asar na nuna mata hanya ta ƙarshe, wadda ba ta bukatar kalma ko ɗaya. Maƙala mai kyau tana da ƙofa biyu. Manazartar da ke ƙarshenta suna kai ka baya, ga ayyukan da ta dogara da su. A Google Scholar kuma, ƙarƙashin kowace maƙala akwai `Cited by`, wanda yake kai ka gaba, ga duk waɗanda suka ambace ta bayan fitowarta. Muka danna na Dooyema, muka sa alama a `Search within citing articles`, muka rubuta `food`. Ta haka muka kai ga aikin Tirima da abokan aiki na 2018 a kan yadda dalma ta shiga abincin gidajen, batun da babu shi a takardarmu ta safe sam, ga shi kuma a tsakiyar tambayarta yake, tunda a tsakar gidan da ake niƙa dutse ake sussuka da daka hatsi. Ta ƙara `food contamination` a takardar, ta buɗe gida na biyar.

Wasu maƙalun sun nemi kuɗi kafin a buɗe su. Na ce kada ta biya tukuna. A Google Scholar a duba gefen dama ko akwai `[PDF]`, a danna `All versions` a ga ko marubucin ya ajiye kwafi a rumbun jami'arsa. A PubMed kuma alamar `Free PMC article` tana nufin cikakken rubutun kyauta ne, kuma maƙalun nan uku da muka fara tantancewa duk haka suke. In duk bai yiwu ba, laburaren makaranta yakan samu damar shiga Research4Life, shirin da ya faro da Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002 don cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, sai a tambayi ma'aikatan. Adireshin imel na marubuci ma yana jikin maƙala, kuma da yawansu suna aiko da kwafi in an roƙa da ladabi.

Kafin ta tafi na sa ta buɗe shafi a bayan littafinta ta rubuta kwanan wata, sunan kowane rumbu, da ainihin kalmomin da muka sa a cikinsa, harafi da harafi. Malaminta zai iya tambayar yadda ta samo manazartarta, kuma nan da wata uku, in ta dawo duba ko wani sabon abu ya fito, ba sai ta fara daga tushe ba. Ta ƙirga kashin farko, maƙala tara. Ta ce za ta fara da ta Dooyema a daren, daga sashen hanyar bincike, tana son ta ga yadda aka tambayi iyaye game da yaran da suka rasa.